Sabon imel, canjin take ko taƙaitawa: yadda za ka zaɓa idan zaren saƙonni ya yi tsawo

Tambayar nan tana yawan zuwa mini daga masu aikin ofis, musamman waɗanda suka saba da hirar waya kafin aiki ya kai su ga imel. Magana ta yi nisa, saƙo ya hau kan saƙo, kuma ga shi kana da abin da za ka faɗa. Reply za ka danna, ko sabon saƙo za ka buɗe? In ka zauna a cikin zaren, ka bar taken yadda yake ko ka gyara shi? Tambaya uku ce ke raba wannan gardama: mutanen sun canja, maganar ta canja, ko tsawo ne kawai ya yi yawa? Sai dai a jere ake yin su, kuma ta mutanen ce ta fi haɗari, don haka ita ake fara yi.

Misali ɗaya za mu bi har ƙarshe. Ma'aikata shida ne ke shirya taron horaswa. Shugabar sashe ta buɗe zare mai taken “Ranar taron horaswa”, don a zaɓi tsakanin Talata da Alhamis. Bayan mako biyu zaren ya wuce saƙo ashirin. An tsayar da rana tun a saƙo na biyar, daga nan aka shiga maganar zauren da za a yi haya, akanta ya faɗi iyakar abin da za a iya kashewa, wani ya soki aikin mai zauren da aka yi hulɗa da shi bara, sannan aka gangara batun takardun shaida. Taken kuwa har yanzu “Re: Ranar taron horaswa” yake.

Mataki na 1: Duba wuri uku kafin ka rubuta komai

Na farko taken. Ka karanta shi kamar ba ka san komai ba, ka tambayi kanka ko abin da za ka rubuta yanzu ya dace da shi. Na biyu layukan To da Cc. Ka buɗe su ka karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, domin a zare mai tsawo akan ƙara mutane a hanya ba tare da an sanar ba. Na uku tarihin da ke ƙarƙashin amsarka. A Gmail, idan ka danna Reply, za ka ga ɗigo uku a ƙasan wurin rubutu. Danna su, duk tsofaffin saƙonnin da za su bi amsarka za su fito. Outlook a kwamfuta yakan nuna su a fili a ƙarƙashin rubutunka.

Gargaɗi: abin da allonka ya naɗe bai fita daga saƙon ba. Ɓoye shi kawai aka yi don kada ya cika maka ido. Duk wanda ya karɓi saƙon zai iya buɗewa ya karanta tun daga farko.

Mataki na 2: San abin da ke ɗaure saƙonni wuri ɗaya

Wannan ba dogon karatu ba ne, amma in ba ka san shi ba sauran matakan za su zame maka haddar da ba fahimta. Kowane imel yana da lambar shaida tasa a cikin kan saƙon, inda ido ba ya kaiwa. Idan ka danna Reply, manhajarka tana rubuta lambar saƙon da kake amsawa a cikin naka:

```
Message-ID: <b2@example.com>
In-Reply-To: <a1@example.com>
References: <a1@example.com>
```

Manhajoji irin su Thunderbird da waɗannan layukan suke jera saƙonni, amsa a ƙarƙashin abin da ta amsa. Gmail kuma yana la'akari da taken: in take ya canja, sai ya raba hirar ya buɗe wata, haka ma in hira ta wuce saƙo 100. Ke nan saƙo ɗaya yana iya bayyana a matsayin sabuwar hira a wurin wani, a wurin wani kuma ya shige can ƙarƙashin tsohon zare.

Daga nan ne kuskuren da ya fi yawa yake fitowa. Mutum yana son rubuta wa akanta sabuwar magana, ya ga neman adireshi wahala ne, sai ya lalubo wani tsohon saƙo, ya danna Reply, ya goge take da abin da ke ciki, ya rubuta nasa. A wurinsa sabon saƙo ne. A yawancin manhajoji kuwa waɗancan layukan suna nan, don haka saƙon na iya faɗawa cikin zaren da akanta ya riga ya gama da shi, ko ma ya kashe masa sanarwa da Mute. Kwana uku shiru, sai a fara “ai na turo maka”, “ni ban gani ba”, alhali kowa gaskiya yake faɗa. In sabon saƙo kake so, Compose ko New Email za ka danna, ka rubuta adireshin da hannunka.

Mataki na 3: In mutanen sun canja, buɗe sabon imel

A misalinmu, yanzu an ce kai za ka tuntuɓi mai zauren ka nemi farashi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka danna Reply all, ka ƙara adireshinsa, ka rubuta “don Allah a turo mana farashi”. Ita ce kuma mafi muni. A ƙarƙashin wannan layi ɗaya naka akwai saƙon akanta da ya faɗi iyakar kuɗin da kuke da shi, akwai kuma sukar da aka yi wa wani mai zauren. Ka ba mutumin da za ku yi ciniki da shi ƙarshen farashinku tun kafin ya buɗe baki, ka kuma nuna masa yadda kuke maganar abokan hulɗa a bayan idonsu. Forward ma haka yake, ya ma fi, tunda shi har fayilolin da aka maƙala yake kwashewa.

Saboda haka duk lokacin da wani daga waje zai shigo, ko abokin ciniki ne, ko mai kawo kaya, ko ma'aikacin wata hukuma, sabon imel za ka buɗe. Ka ba shi take mai tsayawa da ƙafarsa, kamar “Neman farashin hayar zaure: mutum 40, ranar Alhamis”. A ciki ka rubuta abin da yake bukata kaɗai: ko ku su wane ne, rana, yawan mutane, abin da kuke so a cikin zauren, da ranar da kuke jiran amsa. In akwai bayanin da ke cikin tsohon zaren da ya shafe shi, kwafo wannan gutsuren kawai ka sa.

Wasu kan ce za su danna Forward su goge wuraren da ba su dace ba. Ana iya yi, amma ni ban cika ba da wannan shawara ba. A zare mai saƙo ashirin, layi ɗaya da ya kuɓuce maka ya isa, kuma yanke tsakiyar maganar wani ka bar sunansa a sama yana iya juya abin da ya faɗa.

In na cikin gida ne zai shigo, misali jami'in kula da ma'aikata da ake son ya sa hannu, ba dole ne a buɗe sabo ba. Amma sai ka karanta tarihin da idonsa tukuna, ka ga ko an ambace shi ko sashensa a hanyar da ba za a so ya gani ba. In babu, ƙara shi, ka faɗa a layin farko cewa ka ƙara wane kuma ga dalili, sannan ka rubuta masa taƙaitawa irin ta mataki na 5. Kada ka ce masa “duba ƙasa” ka tafi.

Haka abin yake in mutanen raguwa za su yi. Batun takardun shaida mutum biyu kawai ya shafa a cikin shidan. Ci gaba da shi a babban zaren yana nufin mutum huɗu za su riƙa buɗe saƙon da ba nasu ba, kuma wanda ya buɗe sau biyar bai ga abin da ya shafe shi ba, na shida ba zai buɗe ba, ko da a cikinsa aka canja ranar taro. Ku biyun ku buɗe naku.

Gargaɗi a kan Bcc: in ka saka shugabanka a Bcc don ya gani a ɓoye, shi kuma ya danna Reply all, amsarsa za ta je wa duk wanda ke To da Cc, asiri ya tonu. In kana so ya gani, tura masa kwafin daban bayan ka aika. Inda Bcc ke da amfani shi ne sallamar mutum daga zare cikin mutunci: ka mayar da shi Bcc, ka rubuta “na mayar da Hajiya Bcc don kada mu cika mata akwati”. Za ta ga wannan saƙon, amsoshin da za su biyo baya kuwa ba za su same ta ba.

Mataki na 4: In mutanen suna nan amma maganar ta juya, canja take

Take kamar rubutun da ke bayan fayil ne a kan kanta: in an rubuta “Ranar taro” a kai amma takardun hayar zaure ne a ciki, ranar da aka zo nema ba za a samu ba. Bayan wata uku, in masu binciken kuɗi suka tambayi wanda ya amince da zauren, abin da za ka rubuta a wurin bincike shi ne `subject:zaure`, kuma ba abin da zai fito, saboda amincewar tana kwance a ƙarƙashin taken rana.

Ga yadda ake bambance canjin take da sabon imel. In sabuwar maganar daga tsohuwar ta tsiro, kuma mai karatu yana bukatar abin da aka faɗa a baya don ya gane ta, canja take ka bar tarihin. Maganar zaure haka take, domin ta dogara da ranar da aka tsayar da kuɗin da akanta ya ambata, kuma duk mutum shidan suna ciki. In kuwa maganar ba ta bukatar tarihin ko kaɗan, kamar ka tuna cewa na'urar buga takardu ta lalace, ba canjin take ba ne, sabon imel ne ko da mutanen ɗaya ne.

A Gmail na kwamfuta, danna Reply all, sannan ka danna ƙaramar kibiyar da ke gefen sunayen masu karɓa, ka zaɓi Edit subject. A Outlook na kwamfuta layin Subject yana nan a tagar amsa, sai ka gyara kai tsaye. Ka rubuta sabon taken a gaba, tsohon a baya, sau ɗaya:

```
Zaɓen zauren taro (a da: Ranar taron horaswa)
```

Wannan “a da” ɗin shi ke nuna wa mutane inda maganar ta fito. Masu rubutu da Turanci `was:` suke sawa a wurin. Wanda zai amsa bayanka yana iya cire abin da ke cikin baka, aikinsa ya ƙare. Ka sa kalmar da ta fi muhimmanci a farko, domin allon waya yana yanke dogon take, farkonsa kawai ake gani. Sannan a layin farko na saƙon ka faɗa da baki: “Na canja take tunda an gama maganar rana, yanzu zaure muke zaɓa.”

Ka rage tarihin ma. Ba dole ne duk saƙonni ashirin su bi ka ba. Bar biyu ko uku da suka shafi zaure, sauran suna nan a tsohon zaren ga mai so.

Gargaɗi biyu a nan. Kada ka canja take don gyaran harafi ko don ka ƙara “gaggawa”, domin a Gmail hakan na iya raba hirar biyu, rabin mutane su ci gaba da amsawa a tsohuwar, rabi a sabuwar. Kuma in a taken akwai lamba irin ta sashen taimakon kwastomomi, misali `[#48213]`, kada ka taɓa ta. Yawancin irin waɗannan tsare-tsaren da lambar suke gane ƙorafin da amsarka ta shafa. In ka goge ta, ana iya buɗe maka sabon ƙorafi ka koma ƙarshen layi.

Mataki na 5: In tsawo ne kawai matsalar, taƙaita

Ba a ƙirga saƙonni a ce daga kaza sai a taƙaita. Alamomi ake dubawa. Wani ya sake tambayar abin da aka riga aka amsa. Mutum biyu suna aiki da fahimta daban, ɗaya yana shirin Talata ɗaya Alhamis. Fayil ɗaya ya zagaya sau uku ba a san wanne ne na ƙarshe ba. Ko kuma Gmail ya fara yanke saƙon yana rubuta `[Message clipped]` a ƙasa, abin da yake yi in jikin saƙo ya wuce kimanin KB 102, wanda tarin tarihi da sa hannu masu ado kan jawo. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. Akwai kuma lokaci biyu da taƙaitawa ta zama dole ko zaren gajere ne: in za a kai magana gaban wanda zai yanke hukunci, da in za ka miƙa aikin ga wani saboda tafiya ko hutu.

Wanda ya buɗe zaren ko wanda aikin ke wuyansa shi ya fi dacewa ya taƙaita. In ba kai ba ne kuma ka ga ana ta zagaye, babu laifi ka yi, sai dai ka rubuta shi a matsayin fahimtarka, ba sanarwa ba.

Ka fara karantawa daga saƙo na farko zuwa na ƙarshe, ba daga ƙarshe ba, da takarda a gefe. Abu uku kake tsinta: abin da aka yanke, abin da ya rage, da wanda aka ɗora wa wani aiki. Ka kula da amsoshin da suka fita gefe, domin in mutum biyu suka amsa saƙo ɗaya a lokaci guda, tarihin da ke ƙarƙashin saƙo na ƙarshe ba zai ƙunshi duka biyun ba. Wanda ya dogara da wannan tarihin kaɗai zai tsallake maganar wani bai sani ba. Saƙonnin kansu za ka bi a akwatinka.

Taƙaitawa ba labarin yadda aka yi ba ce. “Wane ya ce, sai wance ta ce” maimaita zaren ne da wasu kalmomi. Inda aka tsaya ake so. Ga yadda tamu za ta kasance:

“Assalamu alaikum. Ga inda muka tsaya bisa fahimtata. Abin da ake bukata yanzu: Hajiya ta zaɓi ɗaya cikin zaure biyu kafin ƙarfe 12 na ranar Laraba, domin a ranar ne mai zaure na farko zai saki wurin in bai ji daga gare mu ba. An yanke: taron ranar Alhamis ne, mutum 40, daga ƙarfe 9 zuwa 4. Ba a yanke ba: zaure. Na farko ya fi kusa amma ba shi da na'urar haska bango, sai mun kawo tamu. Na biyu yana da komai amma ya ɗan haura kuɗin da akanta ya ware. Ayyuka: akanta zai tabbatar ko za a iya ƙarin kuɗin zuwa gobe, ni zan turo jerin mahalarta ranar Talata. Maganar takardun shaida ta koma wani zaren. Na maƙala jadawalin ƙarshe, a yi watsi da na baya. In na yi kuskure a wani wuri, a gyara mini kafin ƙarshen yau.”

A ainihin saƙon kowane kashi layinsa daban zai samu, don ido ya kama shi a waya. Lura cewa buƙatar ce ta zo farko, da sunan mai yi da lokaci. Wanda ya karanta layi biyu ya rufe ya riga ya san abin da ake jira daga gare shi. Kowane aiki kuma mutum ɗaya aka ɗora wa, domin “za a tuntuɓi mai zaure” ba wanda zai tuntuɓa.

Wurin da taƙaitawa ta fi ɓaci shi ne mayar da shawara hukunci. Wani ya ce “ina ga zaure na biyu ya fi”, ba wanda ya musa, sai mai taƙaitawa ya rubuta “an amince da zaure na biyu”. Shiru a imel ba amincewa ba ne, sau da yawa mutum bai ma buɗe ba. In wanda ke da ikon yankewa bai furta ba, abin yana cikin waɗanda ba a yanke ba. In kuma akwai wanda ya ƙi yarda, ka ambaci ra'ayinsa a layi ɗaya cikin adalci, in ba haka ba zai dawo ya tayar da maganar daga tushe.

Gargaɗi: Reply ba ya ɗauko fayilolin da aka maƙala a saƙonnin baya. In ka ce “ga jadawalin”, sai ka sake maƙala shi da hannunka, musamman saboda wanda aka ƙara daga baya, wanda bai taɓa samun fayil ɗin ba.

A ina za a aika taƙaitawar? In don 'yan cikin zaren ne, a cikin zaren, da take yadda yake. In don shugaban da bai taɓa shiga ba ne, sabon imel, da take mai faɗin abin da ake so, kamar “Ana neman amincewa kafin Laraba: zauren taron horaswa”. In ya nemi ganin yadda aka yi, sannan ka tura masa zaren.

Mataki na 6: Rufe ƙofar baya

In ka buɗe sabon zare ko ka canja take, koma tsohon ka rubuta layi ɗaya: “Maganar zaure ta koma saƙo mai taken ‘Zaɓen zauren taro’, don Allah a amsa a can.” Wannan mutane da yawa ke mantawa, shi ya sa ake samun zare biyu suna tafiya tare. In duk da haka wani ya amsa a tsohon, kada ka biye masa a can. Kwafo maganarsa zuwa sabon, ka amsa a nan, ka gaya masa.

Mataki na 7: Dubawar ƙarshe

Kafin ka danna Send, sake buɗe ɗigo ukun nan ka gangara har ƙasa, ka kuma sake karanta To da Cc. Ka kula da adireshin da manhaja ta cika maka da kanta, domin masu suna iri ɗaya suna da yawa, kuma ba ta san wanda kake nufi ba. A Gmail ka shiga Settings ka mayar da Undo Send daƙiƙa 30, wanda shi ne mafi tsawo a cikin zaɓin 5, 10, 20 da 30. Jinkirta aikawa kawai yake yi, ba ya dawo da saƙon da ya riga ya isa. Recall na Outlook ma a cikin ma'aikata ɗaya mai amfani da Exchange ko Microsoft 365 yake aiki, don haka in tarihin nan ya tafi wurin mai zaure, ba zai janyo shi ba. In hakan ta faru, ka sanar da shugabar sashe da akanta nan take abin da ya fita, don su san da wane farashi za su shiga cinikin.